Injiniya ya karanta saƙona bai amsa ba: yaya ake neman ganawa da mai sana'a?

Nura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Na gama babbar difloma a fannin lantarki, na yi bautar ƙasa, yanzu ina zaune a shagon cajin waya na yayana a Kurna. Aikin sola nake so in shiga, girkawa da gyara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ke neman faranti a rufin gidansa, ni kuma ilimina duk na takarda ne, ban taɓa hawa rufi ba. Yayana ya samo min lambar wani injiniya da suke sallah masallaci ɗaya, ya jima a harkar. Na tura masa sallama a WhatsApp, ya karanta, shiru. Bayan kwana 4 na rubuta: "Ranka ya daɗe, ina son ganinka kan wata muhimmiyar magana." Nan ma ya karanta. Yau kwana 9. Wallahi ba kuɗi zan roƙa ba, so nake kawai ya faɗa min yadda harkar take kafin in jefa kaina. In sake turawa ne, ko in haƙura?

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ba sai ka wahalar da kanka da injiniya ba. Faɗa min kayan da za ka kunna a gidan, fanka nawa, da firji ko babu, in yi maka lissafi. Muna da faranti mai wat 550 da inbata, har gida muke kaiwa.

Nura: Na gode Alhaji, ba saye zan yi ba. Sana'ar nake son koya.

Ɗan Sabon Gari: Au, to. Allah ya ba da sa'a. In ka fara aiki dai ka tuna da mu.

Garba Welda: Ku 'yan boko kun cika son rubutu. Mu da muka koyi sana'a wa ya tura wa wani saƙo? Tashi za ka yi ka je shagonsa da sassafe, ka gaishe shi, ka sami benci ka zauna. Gobe ka koma. Jibi in mota ta zo da kaya ka tashi ka kama. Ran kwana na 4 shi da kansa zai ce, "Kai yaron nan, ɗan gidan wa ne?" Shi ke nan magana ta buɗe. Zuwa da kai ya fi aike.

Injiniya Kabiru: Nura, bari in faɗa maka abin da mutumin nan ya gani, don irin saƙonka nakan samu kusan kowane mako. Shekarata 11 a aikin nan.

Sallama kaɗai daga lambar da ban sani ba, ina kan rufin kwano da rana tsaka, hannuna duk ƙura: zan ce bari in sauko in amsa. Kafin in sauko saƙo 30 ya hau kanta. Ba wulaƙanci ba ne. Amma saƙonka na biyu shi ne ya kashe maganar. A garin nan, in baƙo ya ce "ina son ganinka kan muhimmiyar magana", abu uku ne: ko rance, ko neman aiki, ko gudummawar biki. Duk ukun kuwa amsarsu mai nauyi ce a ido da ido. Bahaushe ba ya son ya kalli mutum ya ce masa a'a, sai ya gwammace kada a haɗu tun farko. Shirun da ka ji kunya ce ta abin da yake zaton za ka roƙa.

Kuma ka lura, a saƙo biyu ba ka faɗi sunanka ba, ba ka ambaci yayanka ba. Babban abin da ke hannunka shi ne sahun sallar da suke tsayawa tare, ka bar shi a aljihu.

Nura: Ranka ya daɗe, na ɗauka rashin ladabi ne in zube buƙatata tun kafin ya amsa sallama.

Injiniya Kabiru: A zaure haka ne. A waya kuwa ladabin shi ne kada ka sa shi ya yi ta tambayar "wa ke magana?" da "lafiya?". Sallama, suna, wanda ya haɗa ku, abin da kake so, duk a saƙo guda.

Maman Iman: Ƙanina, maganar Injiniya gaskiya ce. Ni a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti nake. Bara wata yarinya ta rubuto min, ta ce tana aji 3 a jami'a, tana so ta san ko aikin dare yana yiwuwa ga matar aure, da yadda ake samun gurbin shekarar horo bayan kammalawa. Tambaya biyu, a fili. A daren na yi mata saƙon murya na minti 8 ina tuƙa tuwo. A satin kuma wani ya rubuto "Anti don Allah ki taimaka min da shawara a kan rayuwa." Har yau ban san ta inda zan kama ba. Wanda ya ba ka tambaya mai baki da wutsiya ya rage maka rabin aiki.

Amma Malam Garba, shawararka ta maza ce. Budurwa ba za ta je ta zauna a bencin shagon wani kwana 3 ba, kafin la'asar unguwa ta ɗauka. Mu dole sai saƙo, ko ta hannun matarsa ko 'yar uwarsa.

Garba Welda: Hajiya, na yarda da wannan. Amma Nura ai namiji ne.

Injiniya Kabiru: Malam Garba, hanyarka tana aiki ga wanda ya riga ya yanke shawara zai zama yaron shago. Nura bai kai nan ba, tambaya yake so ya yi tukuna. Sannan mai sola ba kamar mai walda ba ne da kullum yana bakin shago. Yau ina Bichi kan famfon rijiyar burtsatse, gobe ina Zoo Road. Zai iya yin kwana 3 a benci bai ga kowa ba sai yaron da ke jiran shago.

Nura: To ga abin da na rubuta yanzu, ku duba min kafin in tura:

"Assalamu alaikum Yallaɓai, da fatan kana lafiya, ya iyali, ya aiki, Allah ya ƙara ɗaukaka. Ni ne Nura ƙanin Auwalu. Na daɗe ina jin labarin irin taimakon da kake yi wa matasa. Ni maraya ne, na yi karatu amma har yanzu babu aikin yi. Ina roƙon ka ba ni lokaci ka faɗa min komai game da harkar sola, ka zama ubangidana a wannan tafiya. Duk abin da ka ce in yi zan yi."

Sadiya Lauya: Kada ka tura wannan. Karanta shi da idon wanda bai san ka ba. "Taimakon matasa", "maraya", "babu aikin yi": ka rubuta takardar neman taimako ba ka sani ba. "Komai game da harkar" kuma ba shi da iyaka, ba wanda zai ce to ga abin da bai san ƙarshensa ba. Sannan ka naɗa shi ubangida tun kafin ya ga fuskarka. Ga yadda zan rage shi:

"Assalamu alaikum Injiniya, barka da aiki. Sunana Nura, ƙanin Malam Auwalu mai cajin waya da kuke sallah tare, shi ya ba ni lambarka. Na yi babbar difloma a lantarki, ina tunanin shiga aikin sola. Ba aiki ko kuɗi nake nema ba. Tambayoyi 3 ne da ni kan yadda ake farawa, ba za su wuce minti 15 ba. Zan iya samunka duk inda kake aiki a ranar da ta yi maka, ko mu yi ta waya. In lokaci bai ba da hali ba, babu komai. Na gode."

Jimlar ƙarshen nan kada ka cire ta. Mutum ya fi saurin cewa to in ya ga an bar masa ƙofar fita.

Abu Hanifa: Ni fa akwai abin da bai kwanta min ba. "Ba aiki nake nema ba." Tsakani da Allah, Nura, in mutumin nan ya ce ka zo gobe ka fara, za ka ƙi? Ba za ka ƙi ba. To ashe ka fara alaƙa da abin da ba haka yake a zuciyarka ba. Shi ma ba yaro ba ne, ya san inda aka dosa.

Sadiya Lauya: Malam, so daban, roƙo daban. Ma'anar jimlar ita ce: a zaman nan ba zan ɗora maka wannan nauyin ba. Alkawari ne, kuma ana iya cika shi. Inda zai zama yaudara shi ne a zauna, minti 5 ya zaro takardunsa daga aljihu.

Abu Hanifa: To ya rubuta hakan mana. "Ba zan tambaye ka aiki ba." Ya fi gaskiya.

Injiniya Kabiru: Ni duk biyun zan amsa. Amma na Malam ya fi burge ni kaɗan, don ya nuna yaron ya san abin da nake tsoro. An taɓa yi min irin abin da Barista ta faɗa: yaro ya ce shawara kawai, muna zama ya ce mahaifiyarsa ta ce a gaishe ni, kuma tana fatan zan riƙe shi. Daga ranar na daina amsa kiransa, ba don ƙiyayya ba, don ban san me zan ce wa uwar ba.

Wani abu kuma: kafin ka tura, sa yayanka ya yi masa magana bayan Isha'i. Kalma biyu: "Injiniya, ƙanina zai turo maka saƙo, tambaya ce kawai kan sana'a." In saƙon ya iso ya tarar an share masa hanya. Kada ka tura da safe lokacin da ake loda kaya, kada ka tura ranar Juma'a kafin masallaci. Bayan Isha'i ya fi, an ci abinci, waya na hannu.

Issoufou na Maraɗi: A wajenmu ba ka zuwa wurin babba hannu rabbana. Ko goro ne, ko turare ɗan ƙarami. Ban ga wanda ya ambaci wannan ba.

Maman Iman: A gida in za ka gaida dattijo, e. Amma a wurin aiki, daga yaron da ba shi da albashi? Ni kunya zai ba ni, kuma sai in ji kamar an ɗaure ni.

Issoufou na Maraɗi: Hajiya, ba saye ba ne, girmamawa ce. Kowane gari da al'adarsa.

Garba Welda: Ruwan sanyi leda biyu ga yaran da ke kan rufi ya fi turare. Su ne ma za su gaya maka gaskiyar ogan.

Nura: Madalla. To tambayoyin 3 fa? Na rubuta: nawa ake samu a wata, ina kake sayen kaya da araha, kuma wace shawara za ka ba matashi kamata.

Injiniya Kabiru: Duk ukun ka sauya su.

Ta farko ba wanda zai amsa maka da gaskiya, ko ƙanina ban gaya wa ba. Ta biyu kuwa ita ce sirrin sana'ar. Ribar mai girkawa da yawa tana cikin kayan ne, ba a kuɗin hannu ba, kuma sanin dilan da farantinsa ke ba da abin da aka rubuta a bayansa abu ne da mutum ya saya da asara. In baƙo ya tambaye ni wannan a zaman farko, na san kishiya nake renon. Ta uku za ta jawo maka "ka riƙe gaskiya da haƙuri", ka tashi ba ka ƙaru da komai ba.

Ka tambaye shi abin da ya faru da shi, ba ra'ayinsa ba. Misali: "Wane aiki ne ka yi ya dawo maka, me ya jawo?" Duk mai sana'a yana da wannan labarin kuma yana son ba da shi. Ga nawa, don ka ga abin da tambaya ɗaya ke fitarwa.

Farkon farawata na yi wa wani gida aiki. Mai gidan ya ce fanka 3, ƙwai 8, talabijin. Fanka wat 70 kowace, 210 ke nan, ƙwai wat 10 kowane, 80, talabijin 100. A ce 400. Awa 10 na dare, wat 400 sau 10, wat-awa 4,000 ke nan. Na sa batir mai ruwa guda 4, kowane bolt 12, 200Ah. A takarda wat-awa 9,600 ke nan, amma irin wannan batir rabinsa ake ci in ana so ya yi ƙarko, wato 4,800. Lissafi ya fita, har da ɗan rara. Abin da ban yi ba shi ne shiga cikin gidan in gani da idona. Ashe akwai firiza a kicin da dutsen guga, uwargida kuma ba wanda ya ce mata kada ta jona. Kullum batir sai ya sauka ƙasa warwas, ga zafin Afrilu a ɗakin da ba taga, ga ba mai duba ruwansa. Bai cika shekara ba ya daina kai su tsakar dare. Mai gida bai ce firiza ba, cewa ya yi Kabiru ya sa masa jabu. Rabin kuɗin sabon batir daga aljihuna ya fita, don in tsira da sunana a unguwar.

Ka ga daga wannan ka koyi cewa rabin aikin nan ba waya ba ne, sanin yadda za ka tambayi mai gida ne, da rubuta abin da aka yarda za a jona. Ba malamin da ya koya min wannan a makaranta.

Nura: Allahu akbar. Wannan kaɗai ya ishe ni darasi. Sauran biyun fa?

Injiniya Kabiru: Ta biyu: "In yaro ya zo maka da takardar lantarki amma bai taɓa aiki ba, me kake fara ba shi, kuma wata nawa kafin ka bar shi ya haɗa inbata shi kaɗai?" Amsar za ta nuna maka tsawon hanyar da yadda ake biyan yara, ba tare da ka tambayi kuɗi ba. Ta uku ka bar ta ta zama: "Wa kake ganin ya kamata in ƙara ji daga bakinsa?" Mai gidaje daban, mai famfon noman rani daban, mai bin kwangilar ƙananan tashoshin ƙauye daban. In ya ba ka suna ɗaya, saƙonka na gaba zai fara da "Injiniya wane ne ya turo ni."

Musa Kaduna: Ka tambaye shi batun satifiket ma. Ni na ji an ce ba ka isa ka taɓa faranti ba sai kana da rajistar COREN.

Injiniya Kabiru: Ba haka ba ne, Musa. COREN rajistar masu aikin injiniya ce gaba ɗaya. Wadda ta fi shafar mai haɗa wutar gini ita ce takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin lantarki, kuma inda ake tsananta tambayarta shi ne kwangilar hukuma ko ta kamfani. Mai gida a Rijiyar Zaki ba zai tambaye ka ba, maƙwabcinsa zai tambaya ko aikinka ya yi kyau. In horo kake so, NAPTIN, makarantar horar da ma'aikatan lantarki ta gwamnati, na da cibiya a Kano da Kaduna. Amma Nura, irin wannan kada ka ɓata minti 15 ɗinka a kai, abin da za ka iya nemowa da kanka ne. Ka nemo, sannan ka ce masa, "Na ga akwai kaza, a aikinka ta taɓa yi maka amfani?" Nan zai san ka yi naka ƙoƙarin.

Musa Kaduna: To ni dai a wurin da na nemi aiki sun tambaya.

Injiniya Kabiru: Kamfani ne ai. Ba mu saɓa ba.

Sadiya Lauya: In ya sake yin shiru: mako guda, tuni ɗaya, gajere. Bayan nan ka bar shi, ka gaishe shi da fara'a duk inda kuka haɗu, ka nemi wani. Kada ka sa yayanka ya je yana bin ba'asi, kada su koma kauce wa juna a masallaci saboda kai.

Nura: 'Yan uwa, ga yadda aka yi. Yaya Auwalu ya yi masa magana ranar Talata, na tura saƙon Barista da gyaran Malam Abu Hanifa a daren. Washegari ya turo murya ta daƙiƙa 12: "Ai da ka ce kai ne ƙanin Auwalu. Ka same ni Asabar ƙarfe 7 a wajen Janguza, zan turo maka kwatance."

Na isa 7 saura. Bai zo ba sai 8 da rabi. Gida ne mai bene, yara biyu suna ɗaura ƙarfen da faranti zai zauna. Na kai ruwan Malam Garba, ya yi aiki, kafin oga ya iso ɗayan ya riga ya nuna min yadda suke fuskantar da faranti kudu da ɗan karkata, ya ce in an shimfiɗa shi kwance ƙurar hunturu zama take yi a kai. Da Injiniya ya zo, a tsaye muka yi magana yana duba waya. Na yi tambayar aikin da ya dawo. Sai ya sa wayar a aljihu. Nasa labarin na siririyar waya ce da wani yaronsa ya sa tsakanin batir da inbata don a rage kuɗi, ta yi zafi har robar ta narke, Allah ya sa mai gida ya ji ƙauri. Ya ɗauko guntun waya mai kauri ya sa min a hannu ya ce in ji nauyinta.

Da na ga minti 15 ta cika na ce, "Ranka ya daɗe, lokacin da na roƙa ya ƙare." Ya yi dariya ya ce in tsaya in ga yadda ake haɗa layin farko. Na kai har azahar. Tambaya ta uku ban samu yi ba, an kira shi ya tafi da gaggawa. Abin da ya ce kawai yana shiga mota shi ne, "Muna nan har Laraba."

To yanzu wannan gayyata ce, ko labari kawai ya ba ni?

Garba Welda: Gayyata ce mana! Ka ga ƙarshenta bencin nawa ka koma. Litinin ka je da kayan aiki a jikinka.

Abu Hanifa: A'a. Ya yi alkawarin ba zai nemi aiki ba. In ya bayyana Litinin da safe ba a kira shi ba, me ya yi ke nan? Ya tura godiya, ya tambaya a fili ko zai iya dawowa kallo.

Maman Iman: Godiyar dai yau, kada ta kwana. Ka ambaci wayar nan da ya sa maka a hannu, ya san ka saurara.

Injiniya Kabiru: Ni in na ce wa yaro "muna nan har Laraba", gwada shi nake. Amma ni ne, ban san mutumin ba. Akwai abokin aikina da in ya faɗi haka nufinsa kada ka kira shi kafin Alhamis.

Nura: Na tura godiyar, na ƙara da cewa in ba zan takura ba ina so in dawo Litinin in ga haɗin batir. Ya karanta. Bai amsa ba tukuna.